Yadda Ake Lissafin Mako a Shagon Kayan Masarufi

Shagon unguwa ba kasafai yake karyewa a rana ɗaya ba. Abin da ya fi faruwa shi ne kuɗi na shiga kullum, mai shago na ganin ciniki, amma duk zuwa sari sai ya tarar kayan da kuɗinsa ke iya ɗaukowa sun ragu. Maganin wannan shi ne zama ɗaya a kowane mako, na kamar awa ɗaya da rabi, wanda a cikinsa za ka san inda kuɗinka suke, ka san kayan da suka rage, ka kuma rubuta abin da za ka saro. Na daɗe ina yin wannan zaman a shagona, kuma yadda nake yi zan shimfiɗa maka. Ke ma da kike sayar da kaya a cikin gida tsarin ɗaya ne, kayan ne kawai ba su kai na shago yawa ba.

Kayan aiki

Kana buƙatar littattafai uku masu kauri. Na farko littafin ciniki ne, wanda ake rubuta abin da aka sayar da abin da aka kashe a kowace rana. Na biyu littafin bashi, kowane mutum da shafinsa. Na uku littafin mako, shi ne wanda za ka buɗe yau, kowane mako shafi biyu masu kallon juna. Sai biro baƙi da ja, kalkuleta ko ta waya, tocila don leƙa bayan kanta, maka ta rubutu a jikin kwali, tsumma da tsintsiya, da kwali guda babu komai a ciki. Wayar da asusun bankin shago yake kai ta kasance da caji da data, na'urar POS kuma tana kusa.

Idan ba ka taɓa riƙe littafin ciniki ba, kada ka fasa zaman. A makon farko ƙirga kuɗi da kaya kawai za ka yi ka rubuta, wannan ya zama mafarinka. Daga gobe ka fara rubuta ciniki, mako mai zuwa lissafi zai samu abin kamawa.

1. Tsayar da rana, ka rufe ƙofa

Ranar da ta fi dacewa ita ce jajiberin ranar da kake zuwa sari, domin takardar sayayyarka daga wannan zaman za ta fito. Mai zuwa kasuwar Singa a Kano ranar Asabar, ranar Juma'a da dare ne nasa. Wanda garinsu ke da kasuwar mako, ya ɗauki daren da kasuwa za ta ci gobe. Abin da ba na so ka yi shi ne lissafi ƙofa a buɗe. Yaro zai zo sayen magi na naira hamsin kana tsakiyar ƙirga, ka miƙa canji daga kuɗin da ka riga ka ƙirga, lissafi ya rikice tun bai yi nisa ba. Ka rufe bayan sallar isha'i, ko ka yi da sassafe kafin ka buɗe.

2. Kuɗin hannu

Da wannan ake farawa, kuma akwai ƙa'ida guda: ka lissafa abin da ya kamata ya kasance a durowa kafin ka ƙirga abin da ke ciki. In ka fara ƙirgawa, zuciyarka za ta riƙa jan lissafin littafi don ya dace da abin da ka gani.

Bari mu bi mako guda tun daga farko. Alƙaluman na misali ne, ka saka naka a gurbinsu. A ce ka buɗe mako da canjin naira 15,000. Littafi ya nuna cinikin mako ya kai 412,000, wanda a ciki 238,000 tsabar kuɗi ne, 141,000 tiransifa da POS, 33,000 kuma kaya ne da aka ɗauka bashi. Masu tsohon bashi sun kawo 18,000 a hannu. Kuɗin da suka shiga durowa ke nan su ne canji da cinikin hannu da biyan bashi, jimla 271,000. Lura, ba a saka tiransifa da bashi a nan, domin ba su taɓa shiga durowar ba.

Yanzu abin da ya fita. Masu kawo burodi da ruwan leda da lemo sun karɓi 96,000. Man janareta 9,000, sallamar yaron shago 7,000, cefanen gida 21,000, adashi naira dubu biyu kullum ya zama 14,000. Jimla 147,000. In ka cire daga 271,000, abin da ya kamata ka tarar shi ne 124,000. Sai yanzu za ka zazzage durowa ka ƙirga, kowane nau'in takarda daban. A ce ka samu 119,500. Akwai giɓin 4,500, ka rubuta shi da jan biro.

Kada ka fara da zargin yaron shago. Giɓi irin wannan yawanci daga wurare uku yake fitowa. Akwai cinikin da aka biya ta tiransifa amma aka rubuta shi a layin tsabar kuɗi. Akwai ƙananan kashe-kashen da ba a rubuta ba, irin su ledojin zuba kaya, kuɗin shara, sadaka, ko shayin da aka aika aka sayo. Sannan akwai kuskuren canji. Giɓin naira ɗari biyar a mako ba abin tayar da hankali ba ne. Abin kula shi ne giɓin da ke dawowa kowane mako da girma kusan iri ɗaya, wannan kam ba mantuwa ba ce, sai a zauna a bi ranakun ɗaya bayan ɗaya.

3. Asusun banki da POS

Buɗe manhajar banki ka shiga jerin kuɗin da suka shigo, ka bi shi layi-layi da littafin ciniki. Kada ka dogara da saƙon alat, kada kuma ka dogara da hoton rasit da mai saye ya nuna maka a wayarsa, duka biyun ana ƙirƙirar na bogi. Shaida ita ce kuɗin ya bayyana a cikin asusun. A rasit ɗin POS ka duba ko an rubuta APPROVED ko DECLINED. Yakan faru a ciri kuɗin mai saye alhali rasit ya ce DECLINED. Irin wannan kuɗin ba su zo maka ba, bankinsa ne zai mayar masa, don haka in ka ba shi kaya a kan haka, shafin bashi za su tafi har sai ya biya.

A misalinmu, littafi ya ce 141,000 amma asusu ya nuna 144,000 sun shigo. Ga 3,000 daga cikin giɓin nan, wani ne ya tura kuɗi aka rubuta kamar ya bayar a hannu. Sai ka tuna an sayi ledoji na 1,000 ranar Talata ba a rubuta ba. Saura 500, ka bar shi a jan biro ka wuce. Cajin da banki da kamfanin POS suka cira ma ka tara shi ka rubuta a layin kashewa, domin ƙanana ne a rana amma a wata suna da nauyi.

Idan asusu ɗaya kake amfani da shi na shago da na gida, wannan mataki zai riƙa cin rabin lokacinka. Ka buɗe wa shago nasa daban, ko da a ranar farko babu komai a ciki.

4. Littafin bashi

A nan nake so ka fi daɗewa, don a nan jarin yawancin masu shago yake kwanciya. Shagon unguwa ba zai yiwu babu bashi ba. Maƙwabta ne, 'yan uwa ne, akwai ma'aikacin da albashinsa ya makara, akwai gidan da maigida ya yi tafiya. Amma rubuta bashi ba rashin kunya ba ne, umarni ne da ya zo a aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, kuma yana tsare zumunci fiye da yadda barinsa a ka yake yi.

Fara da jimla. Bashin da ke waje a makon jiya, a ce 64,000 ne. Ƙara sabon da aka ɗauka, 33,000, cire wanda aka biya, 18,000, ya zama 79,000. Yanzu bi shafukan mutane ka tara abin da ke kan kowa. In jimlar ba ta zo 79,000 ba, to akwai wanda ya biya ba a soke ba, ko wanda ya ɗauka ba a kai shafinsa ba. Gyara shi a daren, tun ana tunawa. Bayan wata guda babu wanda zai yarda ya ɗauki gwangwanin madara ranar wata Laraba.

Lambar da ta fi muhimmanci ita ce yadda bashin ke tafiya. A wannan makon ya ƙaru da 15,000. In ya yi makonni uku a jere yana hawa ba a kusa da ƙarshen wata ba, kayan kantarka ne ke komawa rubutu a takarda. Ni iyakar da na sa wa kaina ita ce bashin waje kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na darajar kayan da ke shago. In ya kai nan, ba na buɗe sabon shafi sai wani ya rufe.

Sannan ka raba masu bashin kashi uku. Masu biya cikin mako ba su buƙatar komai. Masu jiran albashi, rubuta ranar da suka saba biya, ka kuma sanar da su jimlarsu kwana biyu kafin ranar, domin wanda bai san nawa ake binsa ba yakan raba albashinsa ya manta da kai. Kashi na uku su ne waɗanda suka haura wata ba su kawo komai ba. Zaɓi mutum biyu kacal da za ka tuntuɓa a mako mai zuwa, ka rubuta sunansu da ranar. In ka ce duka za ka bi, ba za ka bi ko ɗaya ba. Magana kuma a keɓe ake yin ta, ba a gaban masu saye ba. Dattijo sai ka same shi bayan an fito masallaci, ku gaisa, ka ce: “Baba, na zauna lissafi jiya, na ga naku ya kai dubu tara. Ko dubu biyu-biyu ne a riƙa ragewa duk mako, zai taimaka mini wajen sari.” Wanda aka ba ƙofar biya kaɗan-kaɗan ya fi wanda aka ce ya kawo duka saurin motsawa.

Kada ka manta da bashin da ake binka. Dilan da ya ba ka kaya zuwa mako, rubuta nasa a shafin ƙarshe na littafin da ranar alkawari.

5. Ƙirga kaya

Ba duk kayan shago ake ƙirgawa kowane mako ba, wannan aikin ƙarshen wata ne. A mako, ka zaɓi kaya kamar goma sha biyar, waɗanda suka fi tafiya da waɗanda suka fi tsada: taliya, sukari, shinkafa, man gyaɗa, madara, tumatirin leda, sabulu, omo, lemon kwalba da makamantansu. Lissafin kowanne iri ɗaya ne. Abin da ya rage makon jiya, ƙara abin da aka saro, cire abin da ke nan yanzu, sakamakon shi ne abin da ya fita daga shago.

Ɗauki taliya, wadda katan ɗinta ke zuwa da leda 20. Makon jiya saura 14, ka saro katan uku, wato 60, ya zama 74. Yau ka ƙirga 22, don haka 52 suka fita. Littafin ciniki da na bashi sun nuna 47. Ina biyar? Sau da yawa amsar tana gida: an aiko yaro ya ɗauki uku aka dafa, ba a rubuta ba saboda “ai namu ne”. Kayan da gida ya ɗauka dole su shiga littafi a farashin sayarwa, su hau kan kuɗin cefane. In ba haka ba za ka ɗauka cefanenka 21,000 ne alhali ya haura haka da nisa.

Kayan awo ba a iya ƙirga su da ɗaiɗai. Abin da ake yi shi ne duk buhun da aka buɗe a rubuta ranar a jikinsa da maka, a riƙa jan layi a takarda duk kwanon da aka auna. In buhu ya ƙare za ka san kwano nawa ya ba ka. Buhun da ya saba ba ka kwano 20 in ya dawo 18, ko dai an rage shi tun daga kasuwa, ko hannun mai awo ya yi nauyi wajen tozo da gyara.

6. Share kanta, ka fitar da abin da zai lalace

Tunda hannunka na kan kaya, a nan ake haɗa shara. Sauke kayan kanta ɗaya ko biyu a kowane mako, ka goge, ka haska bayanta da tocila. Kashin ɓera, garin da ya zubo daga ledar da aka huda, da hanyar gara a jikin katako su ne abin nema. Wajen mayar da kaya, tsofaffi su zo gaba, sababbi su koma baya. Kuskuren da sabon mai shago ya fi yi shi ne ya dawo daga sari a gajiye ya jera sabon kaya a gaba, na baya ya kwana wata shida.

Duba kwanan watan da ke jikin kaya. EXP ko BB suna nuna ƙarshen wa'adi, MFD kuwa ranar da aka yi kayan ne, kada ka rikita su. Duk abin da wa'adinsa ya rage wata biyu ko ƙasa, saka shi a kwalin nan da ka tanada, ka ajiye kusa da teburin ciniki ka rage masa farashi, ka kuma faɗa wa mai saye dalili. Gara ka maido da uwar kuɗi da ka zubar. Wanda wa'adinsa ya wuce, da gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bakinsa, waɗannan ba na sayarwa ba ne, ba kuma na kyauta ba ne. Wasu diloli na karɓar canji in ka yi magana da wuri, in ba su karɓa ba ka rubuta kuɗinsa a layin asara ka zubar inda yara ba za su tsinta ba.

Buhunan sukari da fulawa da gishiri su zauna a kan katako, nesa da bango, musamman da damina, in ba haka ba danshi zai dunƙule su. Sabulu da omo da maganin sauro kuma kantarsu daban, domin fulawa da biskit suna ɗaukar ƙamshinsu, mai saye kuwa in ya ji sau ɗaya ba lallai ya gaya maka ba, sai dai ka daina ganinsa.

7. Gyara farashi

Kafin ka rubuta takardar sari, kira dilanka ko abokin sana'a da ya je kasuwa a ranar ka ji farashin manyan kayanka. Dalili shi ne farashin sayarwa ana gina shi ne a kan abin da za ka biya ka maido da kayan, ba a kan abin da ka biya a baya ba. A ce ka sayi buhun sukari 76,000 kuma yana ba ka kwano 20. Kwano ya faɗo maka 3,800, kana sayarwa 4,000, kana ganin ribar 200. Yau an ce buhu ya koma 82,000, ga dako da kuɗin mota 1,000. Kwanon da za ka maido ya zama 4,150. In ka ci gaba da sayarwa 4,000, buhun gaba ɗaya zai ba ka 80,000, wanda ba zai sayi wani buhun ba. Ciniki na tafiya, littafi na nuna riba, jari kuwa na raguwa.

Haka kuma in kasuwa ta sauko, kai ma ka sauko a makon, ko da kayan hannunka da tsada ka saye su. Mutanen unguwa suna jin farashi, kuma wanda ya ga ka sauke da kanka zai yarda da kai ranar da ka ce kaya sun tashi. Rubuta sabon farashi a takarda ka manna inda yaron shago zai gani.

8. Takardar sari da shirin mako

Fara da sanin kuɗin da za ka iya kaiwa kasuwa. Na hannu 119,500 da na asusu 144,000 sun zama 263,500. Ware canjin buɗe mako, 15,000. Ware kason haya: in hayar shekara 312,000 ce, raba ta gida 52, kowane mako 6,000 ke nan, a ajiye inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Dila na binka 40,000, mota da dako 5,000. Abin da ya saura na sari shi ne 197,500, kuma a cikinsa takardarka za ta tsaya.

Adadin kowane kaya daga ƙirgar mataki na biyar yake fitowa. Taliya na fita kusan 50 a mako, kana so ka riƙe na mako ɗaya da rarar kwana biyu, kusan 65. Kana da 22, don haka katan biyu sun kai ka 62, sun wadatar. Jera takardar daga kayan da in babu su mai saye zai juya ya tafi wani shago, zuwa waɗanda ake saye don an gan su. In kuɗi sun gaza, daga ƙasan takarda ake yankewa. In katan ya fi ƙarfinka, ɗauki rabi, ko ku haɗa da maƙwabcin shago ku raba. Kayan da suka yi makonni uku ba su motsa ba kada ka ƙaro su, ko da dila ya rantse za su tashi gobe.

Sai ka dubi kalanda, ta bature da ta Musulunci. Makon da albashi ke shigowa ana sayen manyan kaya, shinkafa da mai da katan-katan. Makon komawa makaranta biskit da lemon kwali da sabulun wanki ke tafiya. Azumi in ya rage makonni uku ka fara tara sukari da madara da ganyen shayi kaɗan-kaɗan, kafin kowa ya ruga kasuwa. Da zafi kuwa ka ƙara kason man janareta, domin ruwa da lemon da ba su yi sanyi ba ba su da mai saye.

A ƙasan shafi na biyu rubuta ayyuka uku na mako, kowanne da ranarsa: mutum biyun da za ka tuntuɓa kan bashi, da gyara guda, kamar toshe ramin ɓera ko kai firiza wajen mai gyara. Daga nan ka ja layi ka rubuta lambobi huɗu da za su buɗe zaman mako mai zuwa: canjin da ka bari a durowa, abin da zai saura a asusu bayan sari, jimlar bashin da ke waje, da jimlar wanda ake binka. Ɗauki hoton shafukan biyu da na littafin bashi da wayarka, saboda ruwa ko gobara, ka saka takardar sari a aljihun rigar da za ka sa gobe.